Kebul ya ba ni 94, waifai ya ba ni 21: ina sauran suka maƙale?

"Injiniya, barka da aiki. Ina da shagon kwamfuta a Ƙofar Ƙaura, nan Katsina. An ja mini faiba, ina biyan kuɗin 150 Mbps. In na soka wa laftof ɗina kebul daga rauta na gwada, 94 nake gani. Da na zare na koma waifai a ofishina na ciki, sai 21, alhali sandunan sigina kusan a cike suke. Kamfanin ne ke cutata, ko in ƙara kuɗi in koma babban tsari?"

Malam, barka kadai. Kada ka ƙara wa kowa ko kwabo tukuna. Ko da za ka koma tsarin da ya ninka naka sau biyar, wannan laftof ɗin a wancan ofishin ashirin da 'yan kai zai ci gaba da nuna maka, domin abin da ya danne shi a cikin shagonka yake, tsakanin rauta da teburinka.

Manhajar gwajin gudu ba ta san kamfani ba, ba ta san rauta ba. Abin da take yi kawai shi ne ta jawo data daga wata babbar kwamfuta da ke nesa na 'yan daƙiƙoƙi, ta lissafa nawa ya iso. Datar nan kuwa gaɓa-gaɓa take bi: daga can zuwa kamfaninka, daga kamfani ta faiba zuwa ƙaramin akwatin da suka maƙala maka a bango, daga akwatin zuwa rauta, daga rauta zuwa laftof. Duk gaɓar da ta fi ƙunci, lambarta ce za ta fito a allo. Kai kuwa ka yi abin da mu ma muke fara yi in an kira mu aiki, ka canja gaɓa ɗaya tak, ta ƙarshe, ka bar sauran yadda suke. Tunda 94 ta iya isowa har bakin rauta, kamfani ba shi da hannu a faɗuwar da ta kai ka 21. Sai dai ita ma 94 ɗin ina da magana a kanta, zan dawo gare ta, don ba lamba ce mai gaskiya ba.

Kebul hanya ce ta mutum ɗaya. Tsakanin ramin rauta da ramin laftof babu na uku, kuma aikawa da karɓa suna tafiya a lokaci guda ba tare da ɗaya ya jira ɗaya ba. Wayoyin da ke ciki an murɗe su biyu-biyu don su kare kansu daga hayaniyar lantarki, kuma har tsawon mita 100 gudun ba ya raguwa. Ko ka matsa kusa ko ka yi nisa, ko shago ya cika ko ya watse, lamba ɗaya ce.

Waifai kuwa rediyo ne, kuma ya fi kama da zaman zaure. Mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, shi kansa mai gidan, wato rauta, sai ya jira. Duk na'urar da ke son aika wani abu sai ta fara kasa kunne ta ji ko wani na magana. In shiru ne, ta ɗan ƙara dakatawa na wani lokaci da ta zaɓa da ka, sannan ta yi magana, sannan ta jira a ce mata an ji. In ba ta ji wannan amsar ba, ta ɗauka maganarta ta ci karo da ta wani ko ta ɓace a hanya, sai ta maimaita, kuma sau da yawa ta maimaita a hankali fiye da farko. Sauraro, dakatawa, amsawa da maimaitawa duk lokaci suke ci, kuma a cikin wannan lokacin babu ko harafi ɗaya na fayil ɗinka da ke wucewa. Shi ya sa ko a ɗaki ɗaya da rauta, babu kowa sai kai, abin da za ka samu a gwaji yakan tsaya tsakanin rabi da kashi biyu cikin uku na gudun da laftof ya ce ya haɗu da shi. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera abin.

To, wane gudu laftof ɗinka ya haɗu da shi? Wannan ita ce lambar da ta fi sandunan sigina amfani nesa ba kusa ba, kuma yawancin mutane ba su taɓa ganinta ba. Ka zauna a ofishin naka na ciki, ka buɗe Command Prompt, ka rubuta:

```
netsh wlan show interfaces
```

Layuka huɗu za ka duba. Radio type zai gaya maka zamanin waifan da kuke magana da shi: 802.11n, 802.11ac ko 802.11ax. Channel zai gaya maka tashar: in lambar tana tsakanin 1 da 13 kana kan 2.4 GHz, in ka ga 36 ko sama da haka a rauta irin tamu ta kasuwa, kana kan 5 GHz. Receive rate shi ne gudun haɗin a wannan lokacin. Signal kuma ƙarfin sigina ne a kashi cikin ɗari.

Bari in ba ka labarin wani aiki da na yi, don lambobinsa sun yi kama da naka har sai da na yi murmushi da na karanta tambayarka. Wani shago ne a wajen Ƙofar Marusa, inda ake rajistar jarrabawa da buga takardu. Mai shagon yana biyan kuɗin 200 Mbps. Ya riga ya kira kamfaninsa sau uku, kowane karo su zo su soka kebul su nuna masa sama da 90, su ce layi lafiya, su tafi. Shi kuma ya koma kujerarsa ya ga 19. Da na isa har ya fara tambayar kuɗin wani kamfani.

Rautar tana can saman kantar da ke gaban shago, bayan injin ɗaukar hoton takardu, an tura ta cikin lungu saboda nan soket yake. Teburinsa kuwa yana ɗakin ciki, bangon bulo biyu tsakani, da ƙofar ƙarfe. Na zauna a kujerarsa na rubuta umarnin nan. Ga abin da ya fito, na taƙaita:

```
Radio type          : 802.11n
Channel             : 6
Receive rate (Mbps) : 39
Signal              : 58%
```

Daga ganin 39 magana ta ƙare. Rabin 39 shi ne 19 da ɗoriya, daidai abin da gwaji ke nuna masa. Ba yadda za a yi 200 ta bi ta ƙofar da faɗinta 39 ne.

Me ya sa 39? A 802.11n, wanda aka tabbatar a 2009, na'ura mai eriya ɗaya a tasha mai faɗin 20 MHz tana da matakai takwas kamar giyar mota: 6.5, 13, 19.5, 26, 39, 52, 58.5, 65. Akwai wani ɗan saiti da ke ɗaga kowane mataki kaɗan, ya kai na ƙarshen 72.2. Rauta da laftof suna canja giyar nan da kansu a kowane lokaci. In sigina na da ƙarfi kuma wurin babu hayaniya, su hau sama, su cusa bayanai da yawa a kowace magana. In saƙonni suka fara ɓacewa, su sauko. Kamar dai mutumin da ke kusa da kai, kana iya zuba masa magana da sauri ya fahimta, amma wanda ke bayan katanga sai ka ja kowace kalma. Sandunan da kake gani a kusurwar allo ƙarfin muryar kawai suke nuna maka a dunƙule. Ba sa gaya maka giyar da ake ciki, ba sa gaya maka mutum nawa ke layin magana.

Shi ma kashi 58 ɗin yana yaudara. Mu da dBm muke auna sigina, lamba ce mai alamar ragi, kuma Windows yana juya ta zuwa kashi ta yadda 100% ya zama kusan -50 dBm, sifiri kuma -100. Ka raba kashin biyu ka cire ɗari: 58 ya zama -71. A wannan ma'aunin, duk raguwar 10 tana nufin ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin goma. Daga -50 zuwa -70 ke nan saura kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfin. Allo na cewa fiye da rabi, gaskiya kuwa ɗan tsiyayi ne ke isowa. In ana son aiki mai daɗi, mukan so a ce sigina bai gaza -67 ba, wato kusan kashi 66 zuwa sama.

Gininmu kuma ba ya tausaya wa rediyo. Bangon bulo mai filasta yana cin sigina sosai, dekin mai rodi ya fi shi ci, ƙarfe kuwa, ko ƙofa ko kabad ko kwanon rufi, mayar da shi baya yake yi. Tsohuwar katangar ƙasa mai kauri irin ta cikin gari ma ba ta da sauƙi. Ruwa yana shanye sigina, kuma jikin ɗan Adam yawancinsa ruwa ne, don haka shagon da ya cika da ɗalibai a lokacin rajista ba ɗaya yake da shagon da babu kowa da safe ba. Abin da ba na yarda da shi shi ne ɗora wa hazo laifi. Na sha jin an ce hunturu ya shigo shi ya sa waifai ya yi sanyi. A tazarar mita goma cikin gini, ƙurar iska ba ta da wani tasiri da za ka iya gani a gwaji. In ƙura ta yi ɓarna, to ta toshe ramukan shan iska na rautar ne ta sa ta zafi.

Na ɗauki laftof ɗin nasa na kai shi gaban shago, taku uku daga rauta. Sigina ya koma 96%, gudun haɗi ya hau 72.2, gwaji ya ba da 43. Ya ninka na da, amma har yanzu bai kai rabin abin da kebul ke bayarwa ba, alhali ga rauta ga laftof suna kallon juna. A nan ne na gane bango ba shi kaɗai ba ne. Wannan 72.2 ita ce ƙololuwar abin da katin waifai na laftof ɗin zai iya, ko ka ɗora shi a kan rautar. Na tabbatar da wannan umarni:

```
netsh wlan show drivers
```

A layin Radio types supported babu komai sai 802.11b, 802.11g da 802.11n. Babu 802.11a, babu 802.11ac. Wato laftof ɗin ba ya ma ganin 5 GHz, duk da cewa rautar tana watsa shi tun ranar da aka kunna ta. Wannan ya zama ruwan dare a laftof na hannu da ke shigo mana. Za ka ga mai ƙwaƙwalwa da kyau, an ƙara masa ma'ajiya mai sauri, amma katin waifansa mafi araha ne da kamfanin ya samu a shekarar da aka ƙera shi. Mai saye yana tambayar furosesa da batir, ba wanda ke tambayar katin waifai.

Mai shagon ya ɗauko mini kwalin rautar yana nuna mini inda aka rubuta AC1200 da manyan baƙaƙe. Na ce masa wannan lamba haɗin gambiza ce. An tara 300 na ɓangaren 2.4 GHz da 867 na ɓangaren 5 GHz, aka cike ta zama 1200. Na'ura ɗaya a ɓangare ɗaya take zama a lokaci guda, kuma ko 867 ɗin sai mai eriya biyu da ke kusa, a tasha mai faɗin 80 MHz. Mai eriya ɗaya 433 zai samu. Sannan ka cire kason sauraro da amsawa da na faɗa maka. Lambar kwali ba ƙarya ba ce tsagwaronta, amma babu laftof ɗin da zai taɓa ganinta a gwaji.

Akwai sauran abu ɗaya da ya rage a ɓangaren iska, kuma shi ne wanda ya fi ba mutane mamaki in na yi bayaninsa. Tunda magana bi da bi ce, abin da ake rabawa a waifai lokaci ne. Na'urar da ke nesa, mai magana a giya ta ɗaya, tana riƙe zauren ta daɗe. Ka ɗauki megabait ɗaya, wato megabit 8. A gudun 65 zai wuce cikin kusan kashi ɗaya cikin takwas na daƙiƙa. A gudun 6.5 sai ya ci fiye da daƙiƙa ɗaya, ninki goma. In na'urori biyun nan suna aiki ba ƙaƙƙautawa, kuma ana ba su damar magana daidai wa daida, kowaccensu ba za ta kai 6 Mbps ba, har da mai saurin da ke zaune gindin rauta. Mai tafiyar hawainiya ya ja kowa zuwa tafiyarsa. Wasu sababbin rautoci suna da saitin da ke rage wannan, sunansa Airtime Fairness, amma da yawa daga cikin waɗanda ke shagunanmu ba su da shi. A shagon da nake ba ka labari, mai wannan hali wata kyamarar tsaro ce ta waifai da aka kafa a waje saman ƙofa, bayan ƙofar ƙarfe mai naɗewa, tana tura hoto dare da rana da sigina kamar na mai shaƙewa. Da muka cire mata wuta na minti biyu, 43 ta koma 49.

Kuma zauren ba naka ba ne kai kaɗai. Duk rautar maƙwabci da ke tasha ɗaya da kai, in kuna jin juna, layi ɗaya kuke bi, ko da kowa da kamfaninsa da kalmar sirrinsa. A 2.4 GHz tashoshin suna da tazarar 5 MHz tsakaninsu alhali kowace magana tana cin faɗin 20, shi ya sa uku ne kawai ba sa taka juna: 1, 6 da 11. A jerin shaguna irin na Ƙofar Ƙaura, ga ƙananan rautocin aljihu, ga wayoyin da aka kunna wa rabon data, tashoshi ukun nan sun yi kaɗan. Kana iya ganin maƙwabtanka da tashar kowa:

```
netsh wlan show networks mode=bssid
```

In za ka zaɓa da hannu, ka tsaya kan ɗaya daga cikin ukun nan, wadda masu ƙarfin sigina suka fi ƙaranci a kanta. Kada ka ce za ka yi wayo ka tsaya a 3 ko 9, gudun gara ne ka faɗa gidan zago: maimakon ku bi layi da maƙwabci ɗaya cikin tsari, sai ka zama hayaniya ga ɓangare biyu, su ma su zame maka. Haka kuma kada ka buɗe faɗin tasha zuwa 40 MHz a 2.4 GHz cikin cunkoso. Sannan ka leƙa saitin tsaro: in an bar shi a WEP ko TKIP, gudun haɗi ba zai wuce 54 ba komai kyan na'urorin. WPA2 mai AES ake so, ko WPA3.

Maganin da muka yi a shagon bai kai kuɗin wata ɗaya na layinsa ba. Muka sayo ƙaramin katin waifai na USB mai 802.11ac, muka fito da rautar daga lungu muka rataye ta a sama, daidai bakin ƙofar da ke tsakanin gaba da ciki, inda take ganin ɗakunan biyu. Matsar da ita wajibi ne, domin 5 GHz ya fi faɗi da sarari amma ya fi saurin gajiya a bango. Da mun bar ta inda take, da ɗakin ciki bai amfana ba. Na zauna a kujerar mai shago, tasha 36, gudun haɗi 433. Na danna gwaji.

Ya ba ni 94. Na sake, 94. Na soka kebul, 94.

Ga inda gizo ke saƙar, kuma nan ne maganar da na ce zan dawo gare ta. Waifai ba ya tsayawa cak a lamba ɗaya, yanzu 180 anjima 210, haka ɗabi'arsa take. In ka ga lamba ta kafe kamar an buga mata ƙusa, kuma lambar 94 ce ko 95, to akwai wata gaɓa ta kebul da ke aiki a 100 Mbps. Lissafin a fili yake. Kowane ƙunshin data a kebul yana cin bait 1538 in aka haɗa da adireshi da tazarar da ake bari tsakani, amma kayanka na ainihi a ciki bai wuce bait 1460 ba. Ka raba, za ka samu kashi 95 cikin ɗari ko ƙasa da haka kaɗan. Shi ya sa haɗin 100 ke nuna 94, haɗin 1000 kuma ke nuna kusan 940. Duk wanda ya daɗe a aikin nan, da ya ga 94 ya san ba lambar kamfani ba ce, lambar rami ce ko ta kebul.

A shagon can, tunda waifai da kebul duka sun tsaya a wuri ɗaya, matsalar ba ta laftof ba ce, tana gaban rauta, a gaɓar da su biyun ke tarayya. Na zaro kebul ɗin da ya haɗa akwatin faiba da rauta, na ɗaga kansa ga haske. Ta cikin robar nan da ake ganin cikinta, wayoyi huɗu kawai na gani maimakon takwas. Gudun 100 wayoyi huɗu yake buƙata, na ɗaya, na biyu, na uku da na shida. Gudun 1000 kuwa sai duka takwas sun yi aiki. In huɗu ne kawai, ko kuma ɗaya daga cikin ƙarin huɗun bai matsu da kyau ba lokacin da aka danne kan, na'urorin sukan sauko su daidaita a 100 shiru, ba tare da sun ce maka komai ba. Intanet yana aiki, fitilu suna ƙyaftawa, kowa na ganin lafiya. Muka sa kebul Cat5e mai wayoyi takwas, tsawon mita ɗaya. Kebul ya ba da 192, waifai a kujerar mai shago ya riƙa yawo tsakanin 170 da 190. Watanni ya yi yana biyan kuɗin 200 yana shan rabi, kuma masu zuwa dubawa ba wanda ya tsaya ya tambayi me ya sa kullum 94.

Naka zai iya zama a ɗaya daga wurare huɗu: kebul ɗin da ka soka wa laftof, ramin laftof ɗin kansa, ramukan rautar, ko kebul ɗin da ke tsakanin akwatin faiba da rauta. Ka soka kebul, ka buɗe PowerShell ka rubuta:

```
Get-NetAdapter
```

Ka duba LinkSpeed a layin Ethernet. In ya ce 100 Mbps, matsalar tana tsakanin laftof da rauta. Canja kebul tukuna, shi ya fi araha kuma shi ya fi yawan laifi. In bai canja ba, duba sunan katin: wanda aka rubuta wa FE a sunansa ɗan 100 ne, mai GbE ko Gigabit ɗan 1000. Duba kuma kwalin rauta ko takardarta, in ka ga 10/100 kawai, to ramukanta ba za su wuce nan ba. Akwai rautoci masu AC1200 a kwali amma ramukansu na 100 ne, abin haushi, kuma suna nan birjik a kasuwa. In kuwa LinkSpeed ya ce 1 Gbps amma gwaji na nan a 94, ka koma bayan rauta ka duba ɗan kebul ɗin da ya fito daga akwatin bango. Sai bayan duk waɗannan sun tabbata a 1000, sannan lambar da kebul ya ba ka ta zama hujjar da za ka tunkari kamfani da ita. In a lokacin ka ga 140 da wani abu, sun cika alkawari. In ka ga 60 ko 70 tana hawa tana sauka a lokuta daban-daban na yini, to yanzu kana da magana.

Gwajin kansa yana son kulawa, in ba haka ba ya ruɗe ka. Ka yi na kebul da na waifai a jere cikin minti biyar, kowanne sau uku, kuma ka tabbata manhajar tana jawowa daga wuri ɗaya, don takan canja da kanta. In ka soka kebul ka kashe waifan laftof gaba ɗaya, don ka san ta inda datar ta bi. Ka rufe VPN, ka tabbata yaran shago ba sa sauke wani abu. Sannan ka lura ko laftof yana kan caji. Idan aka ɗauke wuta, rauta na kan inbata, laftof ya koma batir, Windows yana iya rage wa katin waifai ƙarfi don tattalin caji. Saitin yana cikin Power Options, ƙarƙashin Wireless Adapter Settings, ka mayar da shi Maximum Performance. Na taɓa ɓata rabin yini ina neman abin da ke kashe gudu duk bayan azahar, ashe lokacin ne ake ɗauke wutar unguwar.

Akwai kuma gwajin da ba ya buƙatar intanet ko kaɗan, wanda ke nuna lafiyar iskar shagonka ita kaɗai. Ka rubuta ipconfig ka ɗauki lambar da ke gaban Default Gateway, ita ce adireshin rautarka, sannan:

```
ping -n 50 192.168.1.1
```

Ka sa naka adireshin in ya bambanta. A kebul za ka ga ƙasa da 1ms daga farko har ƙarshe. A waifai mai lafiya, 2 zuwa 5, da ɗan tsalle jefi-jefi. In kana ganin 3, sai 180, sai 12, sai Request timed out, to saƙonni na ɓacewa ana maimaitawa tun kafin su bar shagonka. Wannan rawar ita ke katse kiran bidiyo, ita ke sa shafin rajista ya tsaya a tsakiyar ɗora hoto, kuma ta fi ƙarancin gudu cutarwa. Shafin rajista ba ya buƙatar 150. Tsayayyen 20 ya fi masa 80 mai tangal-tangal.

Game da rifita, wato ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a soket don ta ƙara nisa, na san wani zai ba ka shawarar ta. Mai rediyo ɗaya sai ta saurari kowane saƙo sannan ta maimaita shi a tasha ɗaya, kowace magana sau biyu ke nan, gudu ya rabu biyu. Sandunanka za su cika fal, gwaji ya ƙi motsi ko ma ya ragu. In ofishin ciki ya yi wa rauta nisa kuma ba ta matsuwa, ka ja kebul ta saman silin zuwa can, ka sa rauta ta biyu a ƙarshensa a yanayin Access Point, a tasha dabam da ta farko. Kwamfutocin tebur da ba sa motsi kuwa, da firinta, da kyamara in tana da rami, duk ka ba su kebul ta suwic, wato akwatin raba kebul, mai ramuka masu gudun 1000. Kowace na'urar da ka sauke daga iska ta bar wa wayoyi da laftof ƙarin lokacin magana.

Abin da nake zato a naka, daga 21 ɗin nan, shi ne za ka tarar kana kan 2.4 GHz da gudun haɗi tsakanin 39 da 52. Ka gwada a ofishin, ka sake gwadawa taku uku daga rauta. In gudun haɗin ya tsaya a 65 ko 72.2 ko a kusa, katin laftof ne, ka nemi na USB mai 802.11ac ko 802.11ax. In ya haura zuwa 433 ko 867 a kusa amma ya faɗi a ciki, bango ne, rauta za ka matsar. Kafin ka sayi komai dai, fara zaro kebulan nan biyu ka ɗaga kawunansu ga haske ka ƙirga wayoyin.